Katifar amarya: ta yaya ake gane soson da zai daɗe?

Baban Amarya: Assalamu alaikum. Ina haɗa kayan ɗakin 'yata, kuma jiya a kasuwa na ga katifa biyu masu girma ɗaya, ƙafa 6 da ƙafa 6, kauri inci 10, amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. Mai shago ya ce bambancin densiti ne, alhali da na danna su da hannu mai arhar ce ta fi tauri. Ina roƙon waɗanda suka taɓa saye su faɗa mini abin da suka gani.

Maman Ƴan Biyu: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ni kauri ne ya ruɗe ni, domin na zaɓi mai inci 14 saboda ta cika gado, ta yi kyau a ido. Kafin shekara ta zagayo gefen da maigidana yake kwanciya ya yi kwarmi, kasancewarsa mutum mai jiki, har ya riƙa tashi da ciwon ƙugu. Mun juya ta kai zuwa ƙafa, amma can ɗin ma ya lotsa. Katifar ɗakin mahaifiyata kuwa inci 8 ce kawai, sai mutum biyu ke iya ɗaga ta, kuma har yau a miƙe take.

Ɗan Kasuwa: Alhaji, a ganina ka ɗauki mai taurin nan, domin soso mai ƙarfi shi ne mai densiti. Ka durƙusa a kanta da gwiwa, idan ka ji katakon gado to ka bar ta.

Tsohon Ma'aikacin Soso: Gwajin gwiwar nan yana da amfani, ɗan'uwa, amma tauri daban, densiti daban. Na yi shekaru ina yanka soso a masana'anta, kuma ana iya haɗa soso mara nauyi ya fito da tauri kamar allo, sai dai bayan watanni taurin ya tafi, ya bar rami. Densiti shi ne yawan kilon da ke cikin soso mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, don haka sikeli ne ke faɗin gaskiyarsa.

Alhaji, ga lissafin katifarka. Ƙafa 6 mita 1.83 ce, inci 10 kuma mita 0.254, saboda haka idan ka ninka 1.83 da 1.83 da 0.254 za ka sami kusan 0.85. Ka sa a ɗora katifar a kan sikeli, ka cire kamar kilo ɗaya da rabi na yadin da aka rufe ta da shi, sannan ka raba abin da ya rage da 0.85. Mai densiti 18 sosonta zai yi kilo 15 da ɗoriya, mai densiti 30 kuwa zai kai kilo 25 da rabi. A abin da na gani, ƙasa da 20 ya dace da ɗakin baƙi ko gadon yara, amma ma'aurata masu kwana a kai kullum gara su nemi 25 zuwa sama.

Abin da ke damuna shi ne wasu masu yin soso suna zuba garin alli a cikin haɗin domin ya ƙara nauyi. Idan katifar tana da zif, ka buɗe ka murza gefen soson da yatsa. Wanda aka cika wa alli yakan yi gari, ya marmashe, kuma idan ka matse shi ba ya saurin komawa yadda yake.

Malama daga Zariya: Ni dai likita ya ce in nemi katifa mai ɗan tauri, sai na sayi wadda ake kira otofedik. Bayana ya yi sauƙi, amma kafaɗata takan yi tsami idan na kwanta a gefe, kuma nauyinta ya sa ba na iya fitar da ita ta sha iska.

Tsohon Ma'aikacin Soso: Malama, yawancin irin wannan guntayen soso ne ake niƙawa a manne su a matse, shi ya sa nauyinsu ke ninka na soson yau da kullum, kuma lissafin da na bayar bai shafe su ba. Ki shimfiɗa soso mai laushi na inci 2 a samanta. Amma ki guji wanda ke riƙe shatin jiki idan ɗakinki ba shi da sanyi, domin yana tara zafi a lokacin bazara.

Baban Amarya: Na gode muku. Na koma da sikelin awon hatsi: mai arhar ta yi kilo 16, wato densiti kusan 17, mai tsadar kuma kilo 24, wato tsakanin 26 da 27. Sai dai mai tsadar an ɗinke ta ruf, babu zif, kuma mai shago ya ƙi a farke ɗinkin. Ko akwai wata hanyar gane allin ba tare da an buɗe ba?