Rubutuna lafiya lau a takarda, amma a gaban kyamara sai ya zama karatu: ya kuke yi?

Maman Ilham

Assalamu alaikum. Ina yin gajerun bidiyo na koyar da amfani da waya, kuma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Nakan zauna in rubuta abin da zan faɗa, in karanta a zuci, in ji ya yi daidai. Amma da zarar na kunna kyamara sai muryata ta sauya, in koma kamar mai karanta sanarwa. Jiya jimla ɗaya na maimaita sau 11, numfashina yana yankewa a tsakiyarta. Ga ta nan, kar in ɓoye muku:

"Bisa la'akari da irin asarar da mutane da dama kan tafka sakamakon lalacewar wayoyinsu, wanda hakan kan janyo rasa muhimman hotuna da takardu, ya zama wajibi a gare mu da mu riƙa adana kwafinsu a wani wuri na daban domin kauce wa faruwar hakan."

Duk wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Abu Sadik

Wa'alaikumus salam. Hajiya, wane makirfo kike amfani da shi? Ni ma da muryata tana fita wani iri, kamar daga cikin rijiya. Da na samu ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, na kuma daina ɗauka a ɗakin da babu labule, sai komai ya gyaru.

Maman Ilham

Na gode Malam, amma sautin yana fita tas. Matsalar ita ce duk wanda ya ji ya san karantawa nake yi.

Malam Mai Shiri

'Yar'uwa, laifin ba na muryarki ba ne, na jimlar ne. Na yi shekaru ina rubuta wa masu gabatarwa abin da za su faɗa, kuma da irin wannan jimlar na fara, har wata rana mai gabatarwar ya miƙo mini takardar ya ce in karanta da kaina da ƙarfi. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba na tsaya.

Na ƙirga taki, kalma 44 ce. Abin da kike son faɗa, wato a ajiye kwafi, bai fara leƙowa ba sai a kalma ta 24, inda kika ce "ya zama wajibi". Mai karatu idan ya ɓata yana iya mayar da ido baya. Mai kallo ba shi da wannan damar, dole ya riƙe duk abin da kika faɗa a kansa yana jiran inda za ki sauka. Ke ma haka bakinki yake yi: tunda bai san inda jimlar za ta ƙare ba, sai ya riƙe muryar a mataki ɗaya, ba hawa ba sauka. Wannan shi ne sautin karatun da kike ji.

Sannan ki dubi kalmomin: "bisa la'akari da", "sakamakon", "wanda hakan kan janyo", "domin kauce wa faruwar hakan". Kin taɓa faɗa wa ƙanwarki ɗaya daga cikinsu kuna zaune? Ga yadda zan mayar da ita:

Wayarka za ta iya mutuwa yau.
In ta mutu, hotunanka sun tafi da ita.
Takardunka ma haka.
Don haka ka ajiye kwafi a wani wuri.
Ba cikin wayar ba, wani wuri daban.

Kalma 32 ke nan, kuma ba a rasa komai ba. Kowane layi numfashi ɗaya ne, shi ya sa na jera su haka maimakon sakin layi. Ki lura na maimaita "wani wuri" da gangan. A rubutu za a ce maimaici ne, amma a magana shi ne yake ba kunne lokacin kama abin.

Ɗan Autan Gida

Malam ya gama magana. Ni dokata ɗaya ce: kada jimla ta wuce kalma 8. Tun da na fara haka ban ƙara sarƙewa ba.

Malam Mai Shiri

Ƙanena, rabin maganarka gaskiya ce. Sarƙewa kam ba za ka yi ba. Amma ka saurari minti 2 na jimloli masu tsawo ɗaya a jere, za ka ji kamar ana buga ƙusa. Mutum idan yana hira yakan ja wata jimlar ta yi tsawo, musamman idan yana ba da labari yana haɗawa da "sai" da "kuma", sannan ya datse da gajeriya. Doguwar jimla ba ta da laifi idan tana tafiya gaba: ya ɗauki wayar, sai ya ga ta ƙi kunnuwa, sai ya sa ta a caji, shiru. Wadda ke kashe mutum ita ce mai naɗewa cikin kanta, "wanda" a cikin "wanda", har ka manta wa ake magana a kai.

Ɗan Autan Gida

To, na ji wannan. Dama wani ya taɓa ce mini ina magana kamar mai ba da umarni, ban gane abin da yake nufi ba sai yanzu.

Yaya Hauwa

Ni ta baya na biyo wa abin. Ba na fara da rubutu. Ina ɗaukar waya in yi saƙon murya kamar ina yi wa wata ƙawata bayani, ita ɗin ce a raina da gaske, har fuskarta nake gani. Daga nan sai in saurara in rubuta kalma bayan kalma yadda na faɗa. Ranar farko da na ga abin a rubuce na ji kunya: "to", "wato", "kin gane", jimlolin da aka fara ba a ƙarasa ba. Amma a cikin tarkacen nan ne nake samun jimlolin da suka fi duk wanda zan zauna in ƙirƙira.

Kuskuren da na yi da farko shi ne na bar duk "to" da "fa" da "dai" ɗin a cikin rubutun, har ina ƙara wasu don ya yi kama da hira. Da na karanta a gaban kyamara sai ya fito kamar wasan kwaikwayon da ba a iya ba. Ashe "fa" da ta fito da kanta daban take da wadda aka karanta. Yanzu ina share kusan duka, sai wadda ke ɗauke da ma'ana, kamar "kar ki goge fa", inda idan an cire ta gargaɗin ya yi sanyi. Sauran ina barin bakina ya sa su inda ya ga dama.

Baban Khalil

Ni ban yarda da rubutun ba gaba ɗaya. Kanun magana uku nake rubutawa in manna kusa da kyamara, in yi bayani daga kaina. Ba wanda ya taɓa ce mini ina karantawa.

Yaya Hauwa

Na gwada hakan, Baban Khalil. Bidiyon da ya kamata ya yi minti 3 ya kai minti 7, kuma na manta mataki ɗaya a tsakiya, sai da mutane suka yi ta tambaya na gane. Wataƙila ga mai ba da ra'ayi yana yi. Ga mai koyar da abu mataki-mataki, ni dai bai yi mini ba.

Baban Khalil

Ina yanke abin da ya yi yawa wajen tacewa. Lokacin da kuke ɓatawa a rubutu ni a can nake ɓata shi, kusan duk ɗaya ne.

Malama Mai Alli

Bari in ƙara wani abu da ya shafi Hausa kanta, don ya sha kayar da ni. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Idan kana karatu a zuci wannan ba ya damunka, amma a gaban kyamara baki yana furta kalma kafin ido ya kai ƙarshen jimla. Na taɓa rubuta "Da ka ajiye kwafi, hankalinka ya kwanta." Nufina da zarar ka ajiye. Da na zo karantawa sai na ja "da" ɗin, ta zama ta nadama, kamar zan ce da ka ajiye da ba haka ba. Sai a tsakiyar jimlar na gane, na tsaya cak. Haka "Ka duba wurin ajiyar": umarni ne, ko ina cewa ka riga ka duba? A takarda iri ɗaya ne, a baki daban.

Yanzu ina bin rubutun ina neman irin waɗannan tun kafin ɗauka. "Da" ta zama "da zarar". Umarni ya zama "sai ka duba". Wanda ya wuce ya zama "ka riga ka duba". Kalma ɗaya ko biyu aka ƙara, amma baki ya san hanyarsa tun daga farko.

Kuma masu amfani da manhajar da ke gungura rubutu a fuskar waya, ku gwada ƙ da ɗ da ɓ tukuna. Tawa ta taɓa mayar mini da su akwatuna, na tsaya ina hasashen kalma kyamara tana ɗauka. Ku kuma matse faɗin rubutun ya zama kalma 4 ko 5 a layi, kusa da idon kyamara. Idan layin ya yi faɗi ana ganin ƙwayar ido tana zarya daga hagu zuwa dama.

Maman Ilham

Allah ya saka muku da alheri. Na sake rubuta shi duka yadda Malam ya nuna, na karanta da ƙarfi sau biyu ina sa alama duk inda harshena ya yi tuntuɓe, na sauya waɗannan wuraren. A ɗauka ta biyu na samu wanda zan yi amfani da shi. Na kuma auna kaina da agogo, ina faɗin kusan kalma 140 a minti ɗaya idan ban yi sauri ba, don haka yanzu na san bidiyon daƙiƙa 90 ba zai ɗauki fiye da kalma 210 ba. Tsohon rubutun ya haura 300, ashe shi ya sa nake gudu.

Sai dai abu ɗaya, Malam. Ka rubuta "wayarka", "hotunanka". Masu kallona da yawa mata ne. Na gwada "wayarku", sai na ji kamar ina jawabi a taro. Na gwada "a ajiye kwafi", sai na ji na koma sanarwar da nake gudu.

Malam Mai Shiri

Wannan kam har yau ban warware shi ba. Wanda ke kallo shi kaɗai ne da wayarsa a hannu, shi ya sa "ka" ko "ki" suka fi shiga jiki. Amma duk wanda kika zaɓa kin bar rabi a waje. "Ka ko ki" kuma sau ɗaya ake iya jure shi, a karo na uku ya zama nauyi. Ni nakan buɗe da "ku", idan na zo misali sai in kama mutum ɗaya: a ce ke ce wayarki ta faɗa ruwa.

Yaya Hauwa

Ni "ki" nake cewa daga farko har ƙarshe, tunda da ƙawata nake magana. Maza suna kallo, kuma mutum biyu ne kawai suka taɓa yin ƙorafi.

Malama Mai Alli

Ni kuma ɗalibaina maza da mata ne, ba zan iya ba. "Ku" nake riƙe da ita ko da ta ɗan yi nisa. Maman Ilham, ki ɗauki daƙiƙa 30 ɗin farko sau biyu, ɗaya da "ki" ɗaya da "ku", ki turo mana mu ji.

Maman Ilham

To Malama, zan yi gobe da safe in Allah ya yarda, kafin yara su tashi.