Lissafin jirgi da kogi ya rikita ni, a taimaka

'Yar aji shida: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da wannan na fiziks. Faɗin kogi mita 120, ruwa na gudu 3 m/s, jirgi kuma yana 5 m/s a ruwan da ba ya motsi. (a) In ya miƙe hancinsa sak zuwa ƙetare, sakan nawa zai yi? (b) Ina zai karkata in yana so ya sauka daidai saitin inda ya taso, kuma sakan nawa? Ni na yi Faitagoras na samu 5.83 m/s, na raba 120 da shi ya ba ni 20.6, amma bayan littafi 24 da 30 ne. A ina na ɓata?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Na (b) ai mai sauƙi ne, tan θ = 3/5, ki danna a kalkuleta zai ba ki digiri 31, sai jirgin ya karkata 31 ɗin zuwa inda ruwa ke fitowa, shi ke nan. Ruwa ya ja shi 31 ƙasa, shi kuma ya rama 31 sama.

Malamin fiziks: Ƙanwata 5.83 ɗinki ba kuskure ba ne, wurin da kika kai shi ne ba nasa ba. Wannan shi ne gudun da wanda ke tsaye a gaɓa zai ga jirgin yana yi, kuma a karkace yake tafiya, ba sak ba. Ke kuma kin ɗauki gudun karkatacciyar hanya kin raba miƙaƙƙiyar hanya da shi, dole ya ba ki abin da babu.

Ki ɗauka tafiya biyu ce ake yi a lokaci guda kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Injin yana tura jirgi zuwa ƙetare mita 5 duk sakan, ruwa yana jan sa gefe mita 3 duk sakan, jan gefen nan ba ya kusantar da shi ƙetare ko da taku ɗaya kuma ba ya nisanta shi. To lokacin tsallakewa 120/5 = 24, ko da ruwan ya ninka gudu 24 ɗin ce dai. Abin da ruwan ya canza shi ne inda za a sauka, 3 × 24 = 72, wato mita 72 ƙasa da saitin inda aka taso. In kina so ki ga 5.83 ɗinki ya yi aiki, ki nemi tsawon hanyar da jirgin ya bi a zahiri, √(120² + 72²) kusan mita 140 ke nan, ki raba da 5.83 ki ga ko ba 24 za ta dawo ba.

'Yar aji shida: Kai Malam, wallahi ta dawo 24! To na (b) fa, 31 ɗin nan daidai ne?

Malamin fiziks: Alkiblar da ya faɗa daidai ce, sama za a karkata, lambar ce ba ita ba. Mu gwada tasa mu gani. In jirgi ya karkata digiri 31, ɓangaren gudunsa da ke faɗa da ruwa 5 sin 31° ne, kusan 2.57, ruwa kuwa 3 yake, to ruwa ya fi shi da 0.43 duk sakan. Ɓangaren da ke kai shi ƙetare 5 cos 31°, kusan 4.29, zai yi sakan 28, kafin nan ruwa ya riga ya gangarar da shi wajen mita 12. Bai sauka a saiti ba ke nan.

Dalili shi ne alwatikar (a) da ta (b) ba ɗaya ba ne duk da lambobin iri ɗaya. A (a) 5 da 3 su ne gefuna biyun da suka haɗu a kusurwar 90, dogon gefen shi ne 5.83. A (b) kuwa jirgin ne da kansa ya karkace, don haka 5 ɗin ce ta zama dogon gefe, ana so ɓangarenta na sama ya cinye 3 ɗin ruwa tas: 5 sin θ = 3, sin θ = 0.6, θ kusan digiri 37 daga layin da ya miƙe zuwa ƙetare. Abin da ya rage na tsallakewa √(5² − 3²) = 4 m/s, ragi ne a nan ba tarawa ba, sai 120/4 = 30. Alamar da nake ba ɗalibaina: in amsar (b) ta fito ƙasa da ta (a) to an yi ɓarna a wani wuri, domin miƙe hanci sak shi ne mafi sauri, duk karkatar da aka yi lokaci take ci.

Ɗan Sabon Gari: Na karɓa Malam, tan ɗin na (a) ne ashe. Amma a wata tsohuwar takardar Wayek da muka yi bita na tuna irin wannan amsar 53 aka ba mu ba 37 ba.

Malamin fiziks: Daga gaɓa aka auna, 90 − 37 = 53, jirgi ɗaya ne hanya ɗaya. Shi ya sa kar ki rubuta lamba tsirara, ki ce daga ina kika auna kuma ta wane ɓangare.

'Yar aji shida: Malam na danna sin⁻¹ 0.6 ya ba ni 0.64 fa.

Maman 'yan biyu: Kalkuletarki tana RAD ne 'yata, mayar da ita DEG. Yarona ma haka ya yi kwana biyu yana zargin littafi.

Ɗan Yauri: Ku yi haƙuri ni ban yi fiziks ba amma a bakin Kwara na tashi, kuma ban taɓa ganin mai kwalekwale ya saita hanci waje ɗaya tun daga gaɓa har ƙetare ba. Ruwan bakin gaɓa a sanyaye yake, na tsakiya ne mai ƙarfi, to su sai su bi gaɓa su haura sama tukuna inda ruwa ba ya faɗa da su, sannan su sako jirgin ruwa ya kawo su mashigi. In ruwa ya cika har ya fi ƙarfin filafili fa, lissafin naku me ya ce?

Malamin fiziks: Yaya ka taɓo inda lissafin ke tsayawa. Mu juya lambobin, jirgi 3 ruwa 5, sai a samu sin θ = 5/3, babu kusurwar da ke da sin fiye da 1, kalkuleta ma Math ERROR za ta nuna. Ma'ana duk yadda ka karkata ba ka sauka a saiti, sai dai ka rage asara. In ka miƙe sak za ka yi sakan 40 ruwa ya kai ka mita 200 ƙasa. In ka karkata 37 sama, gudun tsallakewa ya koma 2.4, ka yi sakan 50, amma gangarawar ta koma 3.2 duk sakan, mita 160 ke nan, kuma ba ka iya yin ƙasa da haka. To mita 160 ɗin nan ita ce mutanenku ke fara haurawa ta gaɓa.

Ɗan Yauri: To amma 5 ɗin taku ai ba ko'ina take 5 ba.

Malamin fiziks: Gaskiya ne, littafi ya ɗauka ruwan gudu ɗaya yake daga gaɓa zuwa gaɓa. In yana canzawa, lokacin (a) ba zai taɓu ba, nisan gangarawa ne sai an yanka kogin gida-gida an tara. Wace hanya ce ta fi sauri tsakanin haurawa ta gaɓa da karkata tun farko kuwa, sai an auna ruwan wurin.

Ɗan Yauri: Mu da ciyawa muke aunawa, ka jefa ka bi ta da ido.

'Yar aji shida: Na mayar DEG, 36.87 ya ba ni. Malam in rubuta haka ko 37?