Gele a Hoton Ƙirƙirarriyar Basira: Waɗanne Kalmomi Ne Ke Zaunar da Shi a Kai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina zana katin gayyatar biki, kuma wata mai ba ni aiki ta nemi hoton amaryar Yarbawa sanye da gele, wato ɗaurin kai na Yarbawa, irin na ashoke mai buɗewa ta sama. Manhajar da nake amfani da ita tana fitar da fuska da leshi yadda ake so, amma ɗaurin yana fitowa ko dai rawani, ko kuma wani abu mai ƙyalli da aka aza a saman kai bai taɓa goshi ba. Na rubuta mata matakan ɗaurin ɗaya bayan ɗaya, daga ninka bakin ƙyallen har zuwa ƙulli a ƙeya, amma hakan bai canza komai ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗa mana kalmomin da suka yi masa aiki.

Malam Nura: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalar tana cikin matakan da kika rubuta. Waɗannan manhajoji sun koyi aiki ne daga hotuna da gajeren bayanin da ke tare da su, kuma bayanin hoto yana faɗin abin da ido ke gani, ba ya faɗin yadda aka yi aka kai ga hakan. Idan kika ce a ninka, a zagaya, a ɗaure, manhajar za ta tsinci kalmar zagayawa ta haɗa ta da abin da ta fi sani, wato rawani. Abin da na gani a nawa aikin shi ne, sai na daina bayanin ɗauri na koma bayanin ɗaurarren kai, ina ambaton wuraren da ƙyallen ke haɗuwa da jiki, sannan hoton ya daidaita. Kada kuma ki rubuta `not a turban` a cikin umarnin, domin sau da yawa ambaton kalmar kaɗai yana jawo ta. A manhajar Stable Diffusion ana sa ta a gurbin `Negative prompt`, wato inda ake rubuta abin da ba a so ya fito, a Midjourney kuwa ana rubuta `--no turban` a ƙarshe.

Anti Bilki mai ɗaurin kai: Ni ban san harkar na'ura sosai ba, amma ɗaurin gwaggwaro da ashoke sana'ata ce a Kaduna, kuma ƙanwata takan nuna mini irin waɗannan hotuna. Da kallo ɗaya nake gane na ƙarya, kuma goshi nake fara dubawa. Gele na gaskiya yana kama kai tamau daga gaban goshi, ya bi ta saman kunnuwa ya danne su, ya bar fatar kunne ta ƙasa da 'yan kunne a waje, sannan ya sauka ƙeya inda ake ɗaure shi. Idan mun gama, mukan ɗan tura shi baya domin fuska ta fito. Ninkin da ke kan goshi ƙanana ne a jere, a matse, suna bin zagayen kai. Sai an yi sama suke faɗaɗa su buɗe. A hotunan da nake gani ninkin duk girmansu ɗaya daga ƙasa har sama, kunnuwa biyu a waje gaba ɗaya, kuma gashi ya zubo ta ko'ina, alhali mai tulin gashi a gaba ba ta ɗauruwa sai an kwantar da shi. Sannan ashoke yana da tauri da nauyi. Siraran saƙa ne masu faɗin kamar tafin hannu ake haɗawa gefe da gefe, shi ya sa yake tsayawa da kansa, bakin ninkinsa ya fito da kaifi. Ƙyalle mai santsi da ke zubowa ba zai taɓa yin wannan tsayuwar ba.

Abban Khairat: Ni a ganina a ƙara `8k, ultra realistic, highly detailed` kawai. Da na sa su, zaren ƙyallen ya fito sarai har ana iya ganin saƙar.

Malam Nura: Suna iya ƙara wa saƙa fitowa, Malam, amma ba sa gyara siffa, za ka samu rawani mai kyan zare ne. Bayanin Anti Bilki shi ne umarnin kansa. Ga yadda zan jera shi, daga abin da ya fi muhimmanci, domin kalmomin farko sukan fi tasiri:

```
Yoruba bride wearing a stiff aso-oke gele, tight against the forehead,
covering the tops of the ears, narrow pleats at the base widening
into a tall fan, three-quarter view, soft shadow under the front edge
```

Jimlar ƙarshe ta inuwa ita ce ke hana ɗaurin shawagi. Duk abin da ya zauna a kan fata yana jefa siririyar inuwa a bakinsa, kuma idan babu ita ido yana ɗauka an manna shi ne. Na zaɓi kallon gefe kaɗan saboda hoton gaba sak yana sa manhajar ta raba ɗaurin biyu daidai wa daida, wanda hannun mutum ba ya yi. Ban sa adadin ninki ba, domin ko an rubuta bakwai ba lallai ta ƙirga ba.

Ummu Sadik: Hajiya, idan ɗaurin ne yake ba ki wahala, ki sayi wanda aka riga aka ɗinke ninkinsa, ana sa shi kamar hula a manne ta baya. Na sa shi a bikin ƙanwata kuma bai motsa ba har aka tashi.

Anti Bilki mai ɗaurin kai: Hoto ake magana, 'yar'uwa, ba ɗaurin gaske ba. Amma kin taɓo wani abu. Hotunan ɗinkakken gele sun cika shafukan 'yan kasuwa, da yawansu a kan mutum-mutumi, kuma ina zargin daga nan na'urar ta koyi wannan zama irin na hula mai ninki kamar an auna da ma'auni.

Maman Ilham: Na gwada umarnin Malam Nura. Rawanin ya tafi, kunnuwan sun shige, ɗaurin ya kama goshi. Abin da ya rage shi ne ƙyallen yana sheƙi kamar satin, sai na ƙara `handwoven matte cotton, visible strip seams`, sheƙin ya ragu, ɗinkin da ke haɗa saƙar ya ɗan bayyana a saman. A gefen hagu ninki uku sun narke sun zama ɗaya, don haka na shafe wannan wurin kaɗai da `inpaint`, wato hanyar sake zana wani yanki na hoton, na sa `denoising strength`, wato ma'aunin yawan canjin da za a yi, a 0.45, ya gyaru ba tare da fuskar ta canza ba. Da na kai shi 0.7 sai ya ƙirƙiro wani sabon ɗauri a gefen.

Abban Khairat: Ni kuma da na cire kalmar `Yoruba` domin in samu amaryar Arewa da gwaggwaro, sai ɗaurin ya koma ɗankwalin atamfa mai laushi. Da na rubuta `gwaggwaro` ba ta gane komai ba.

Malam Nura: Haka nake gani ni ma. Ka bar `aso-oke gele` yadda yake, ka canza tufafi da lalle da sarƙa. Inda har yanzu ban samu mafita ba shi ne hoton baya: ƙullin ƙeya da bakin ƙyallen da ake cusawa suna fito mini a cakuɗe ko da wace kalma na gwada.

Anti Bilki mai ɗaurin kai: Ba mamaki, domin mu kanmu ba ma ɗaukar hoton bayan, can ne fil da ƙulli suke, kuma amarya ba ta son a gani. Ranar Asabar ina da amarya, zan nemi izininta in ɗauki ƙeyar kafin in cusa bakin da kuma bayan na cusa, ku gwada ba wa manhajar hoton a matsayin samfuri.