Merge Cells ya hana ni jera sunaye a tebirin Word, don Allah a taimaka

Salam 'yan uwa. Ina taifin a wani shagon kwamfuta nan Samaru, wata malama ta kawo min tebirin makin ɗalibai 60, ajinsu uku, kowane aji mutum 20. A kolam na farko ta haɗe gidaje ashirin-ashirin daga sama zuwa ƙasa da Merge Cells don sunan aji ya fito sau ɗaya, a can sama kuma ta haɗe duk layin ta sa taken tebirin. Yanzu tana so a jera su bisa yawan maki, amma da na danna Sort sai Word ya ƙi, wai akwai gidajen da aka haɗe. Da na ƙara kolam na jimla da Insert Right kuma sai layin taken ya karkace, faɗinsa bai yi daidai da na ƙasa ba.

Na raba gidajen da Split Cells na sa layuka 20, sunan ajin ya tsaya a gidan farko kawai, sauran 19 fayau, in na jera haka ai ɗaliban za su rabu da ajinsu. Dabarar da nake tunani ita ce in rubuta sunan aji a kowane layi, in fitar da taken sama da tebirin, in jera da aji tukuna sannan maki a Then by, haɗewa kuma sai a ƙarshe. Matsalar ita ce kowane zango za a sake jerawa, ita kuma malama so take ya riƙa kama da haɗaɗɗe. In na cire layin tsakanin gidajen kawai a Borders ba tare da haɗewa ba, ya zan ɓoye sunan ajin da ke maimaituwa ba tare da jerin ya lalace ba? Na yi tunanin mayar da rubutun fari, amma ai kalar za ta bi layin in an sake jerawa. Wa ya san mafita don Allah?