Yawur nawa zan sayar kafin firigo ya ciyar da kansa?

Maman Habsu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka mini, kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ina da ɗan butik a Garin Malam, shekara huɗu, tun da maigidana ya tafi Agadas nema ya bar ni da yara biyar da uwarsa da ciwon ƙafa ya kwantar. Da sukari da Lipton da sabulu da taliya nake riƙe gidan. Akwai lakwal kusa da ni, in an tashi yara sai su wuce ni su tafi wajen mai firigo a bakin titi. Wata mata mai yin yawur ta ce za ta ba ni leda ɗaya sefa 80, in sayar 100, wato dala huɗu ce tawa a kowace leda. Na samu firigo na hannu jika 120. Ƙanena ya ce asara zan yi, ƙawata ta ce wata biyu zan mayar da kuɗina. Ta yaya zan san leda nawa zan sayar kafin in ce ban faɗi ba?

Alhaji Mutari: Wa alaikumus salam. Hajiya, saya kawai. Shekara ashirin da biyu ina Kasuwar Dole, ban taɓa ganin wanda firigo ya kayar a Damagaram ba. Lissafin ma ba wuya: 120,000 a raba da 20, leda 6,000 ke nan. In kina sayar da ɗari a rana, kwana sittin kin gama, saura duk riba. Ƙawarki ta fi ƙanenki sanin kasuwa.

Malama Rakiya: Alhaji, da girmanka, lissafinka ya ɗauka kamar firigon da iska yake aiki. Maman Habsu, kafin in ce komai ina son abu biyu. Nawa kuke tsammanin faktir ɗin kuran zai ƙaru a wata? Kuma matar ce za ta kawo miki yawur ɗin, ko ke za ki aika a ɗauko?

Maman Habsu: Maƙwabcina mai irin firigon ya ce nasa ya ƙaru da wajen jika tara. Ɗaukowa ni ce, matar tana Birni. Ɗan kabu-kabu 500 zuwa da dawowa, sau uku a sati.

Malama Rakiya: To madalla, yanzu akwai abin kamawa. Ki ɗauko takarda ki raba ta biyu. A gefe ɗaya ki sa kuɗin da ke tafiya da kowace leda, wato 80 ɗin da kike ba matar. In ba ki saro ba, ba ki biya ba. A ɗaya gefen ki sa kuɗin da za su fita ko kin sayar da dubu ko ba ki sayar da ko ɗaya ba. Su ne masu kayar da mutum, don ba ruwansu da ko kasuwa ta ci.

Kuran jika tara. Kabu-kabu sau goma sha biyu a wata, jika shida. Ko leda ashirin ya ɗauko ko ɗari biyu, 500 ɗinsa zai karɓa, shi ya sa na sa shi a wannan gefen. Sai firigon kansa. Ba a ɗora wa wata ɗaya jika 120, ana shimfiɗa su ne a kan tsawon ran da ake sa ran zai yi. Na hannu ne, ni ba zan ba shi fiye da shekara biyu ba: 120,000 a raba da wata 24, jika biyar ke nan duk wata. Tara da shida da biyar, jika ashirin.

Wannan jika ashirin rami ne da ke buɗewa duk ɗaya ga wata, kowace leda kuma tana jefa sefa 20 a ciki. 20,000 a raba da 20, leda 1,000. Ranar da kika sayar da ta dubu, kin yi canjaras, ba riba ba faɗuwa. Daga ta dubu da ɗaya ne dala huɗun ta zama taki. A kwana talatin, leda 34 ke nan kowace rana. In wata ya ƙare kin sayar da 700, kin tara 14,000, jika shida ta fito daga kuɗin sukari da sabulu, kuma ba za ki ji fitarta ba, don aljihu ɗaya ne.

Alhaji Mutari: To ai kin taimake ni, Malama. Leda 34! Kafin azahar an gama.

Ibro mai caji: Ni dai wanda ya ce mini firigo na hannu sai gabana ya faɗi. Bara ana saura kwana biyar azumi na sayi ɗaya, mai shi ya rantse mini daga gidan wani ma'aikaci ya fito. Ranar da na jona shi ya yi sanyi har da ƙanƙara a bango. Kwana goma sha ɗaya, na buɗe da safe sai ruwa kwance a ƙasansa, injin yana ƙara yana tsayawa. Mai gyara ya zuba gas jika takwas, sati biyu ya sake tsiyayewa. Na koma wajen wanda ya sayar mini, ya ce ai lafiya lau ya ba ni. Har yau yana bayan shago ina ajiye cajoji a ciki. Mutane ba sa tsoron Allah yanzu.

Maman Habsu: Allah ya mayar maka da alheri, Ibro. Amma nawa na wani ɗan uwan maigidana ne, ba zai cuce ni ba. Na taɓa shi da hannuna, yana sanyi sosai.

Sani Tela: Yaya, kin manta hayar shago da fatanti. Dole ki haɗa su duka a cikin jika ashirin ɗin nan, in ba haka ba lissafin banza ne.

Malama Rakiya: Malam Sani, da tambayar ita ce ko butik ɗin gaba ɗaya yana riba, da ka yi daidai. Amma haya tana biyan ta yau da babu yawur, kuma gobe in ta fasa za ta biya. Abin da sabuwar haja ta jawo shi kaɗai ake ɗora mata. Sai dai in firigon zai kori wasu kaya daga inda suke. In ta kwashe katan-katan na taliya don ya samu wuri, ribar da taliyar ke kawowa a wata ta shiga ramin.

Abin da ban gama ba shi ne dala huɗun nan, don a takarda take cikakkiya. Yawur ba sabulu ba ne. Kuran ya ɗauke tun hantsi a watan Afrilu bai dawo ba sai dare, leda ta kumbura, ta yi tsami, ba mai saye. Wata ta fashe a hanya, wata ƙaramin ɗanki ya yi kuka kin miƙa masa. A ce leda biyar cikin ɗari ne kawai suka tafi haka. Kin biya 8,000, kin sayar da 95 kin karɓi 9,500. Saura 1,500 a kan leda 95, bai cika sefa 16 ba. Canjaras ɗinki ya tashi daga 1,000 ya koma wajen 1,270, leda 43 a rana. Leda ɗaya da ta lalace tana cinye ribar huɗu. Ki tambayi matar ko tana karɓar wanda ya yi tsami, wannan amsar ta kusa kai ragin dala ɗaya muhimmanci.

Alhaji Mutari: Malama, wannan lissafin na 'yan boko shi ke hana mutum motsi. Wa ya ce yawur kaɗai za ta sa? Ta zuba ruwan leda, ta yi zoɓo da lemun tsamiya da hannunta, ta ɗaura ƙanƙara. Kuran ɗin ɗaya ne, firigon ɗaya ne. Da azumi kafin magariba layi ake yi. Ni da bashi na fara, da na tsaya ƙirga ba zan kai inda nake ba. Hajiya, ki saya.

Malama Rakiya: A nan kam na bi ka, Alhaji. Duk abin da ya shiga firigon yana taya cike rami ɗaya, kuma zoɓon da ta dafa da kanta zai iya fin yawur ɗin riba. Amma azumi wata ɗaya ne. Cinikin da take hange na 'yan lakwal ne, su kuwa ba sa zuwa Asabar da Lahadi, daga Yuli har Satumba suna hutu. Disamba da Janairu kuma, ana hura wuta da safe, wa ke neman abin sanyi? Bazara ce za ta ɗauki nauyin waɗannan watannin.

Maman Habsu: Ni fa ba zan iya zoɓo ba, tsohuwa na kwance, ba ni da mai taya ni. Kuma yaran unguwa suna nan ko da hutu. Gaskiya ma na riga na ba da jika 30 na kafin alƙalami, sauran 90 zan riƙa ba shi jika 15 duk wata har wata shida. Ba zan iya komawa in ce na fasa ba, dangin miji ne.

Malama Rakiya: Kai, 'yar uwa, ai da wannan ya kamata ki fara. To a wata shidan nan ba jika biyar ce ta firigo ba, sha biyar ce tsaba za ki ƙirga ki miƙa. Da kuran da kabu-kabu, jika talatin. Da ribar da ba ta cika sefa 16 ba, leda 1,900 ke nan a wata, 64 kowace rana, har ranar Lahadi, in ana so yawur ya biya bashinsa da kansa. Jika 30 da kika bayar sun riga sun fita. Abin dubawa shi ne ko za ki bi su da 90. Ki roƙe shi sati biyu. Ki ari kula, ki sayi ƙanƙara, ki saro leda 40, ki rubuta abin da ya fita kowace rana a bayan kwali. In kula ba ta ƙarar da 40 ba, firigo ba zai ƙarar da 64 ba.

Alhaji Mutari: Kula ba ta jan ciniki. Mutum sai ya ga firigo yana ruri sannan ya yarda da sanyi.

Ibro mai caji: Ki dai sa ya bar shi a jone kwana uku a gabanki kafin ki ƙara ko dala.

Maman Habsu: Na gode muku duka, Allah ya saka. Mai bakin titi na ga yana sayar da ya fi ɗari, kuma ni na fi shi kusa da ƙofar lakwal. Jibi za a kawo firigon da amalanke, na riga na share masa wuri. Malama, in na ce wa matar ta bar mini 75, nawa 64 ɗin zai koma?