Tambayoyin da ake yi wa ɗalibar jinya kan tsarin kula da mara lafiya

Gogaggun ma'aikatan jinyar da suka tattauna batun sun yarda cewa tambayar farko ita ce: me zai fara kashe wannan mara lafiya idan aka yi sakaci? Hanyar iska, numfashi, sannan gudanar jini, kafin komai.

Sun ba da misalin wanda aka yi wa tiyatar ciki jiya, ɗaliba kuma ta sa ciwo a gaba. Sai a tambaye ta: bugun zuciyarsa ya kai 120 a minti, awon jininsa ya sauka zuwa 90/60, fitsari bai kai mililita 30 a awa ba, me kike zargi? Amsar ita ce zubar jini a ciki. Idan ta ce za ta ba shi mofin tukuna, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, a nan matsalar take, domin maganin yana iya ƙara saukar da jinin ya kuma danne numfashi.

Wata malama ta ƙara da cewa a tambaye ta wa za ta kira, da me za ta faɗa masa. A ganina wannan ce ke tona asirin mai hadda.