"Saura kaɗan" ɗin Maman Iman: ƙarya ce ko dabarar kasuwa?

Maman Iman: Salamu alaikum ƴan gurup, raina a ɓace yake. Na kawo atamfa turmi 40 na sa promo daga jika 9 zuwa jika 8, na rubuta a status "saura kaɗan, ranar Juma'a za a rufe", da kaya sunka yi saura na ƙara har Litinin, shi ne wata kiliya ta zo shago gaban mutane tana ce min maƙaryaciya wai na sa ta ci bashin adashe ta sayi turmi 2 da gaggawa. Ni na ce wannan dabara ce kowa na yi, ba ƙarya ba ce. Ku hwaɗi gaskiya.

Hajiya ta Bagalam: Haƙuri ƙanwata, hassada ce kawai. Wa ya kama hannunta ya ce ta saya? Kuma ai rahusa ta samu, jika 2 ta rage mata a turmi biyu, godiya ya kamata ta yi

Ɗan Zariya: Anti tsaya, lokacin da kika rubuta "saura kaɗan" turmi nawa ya rage?

Maman Iman: Ran Laraba na rubuta, 23 sunka rage

Ɗan Zariya: To 23 cikin 40 ai ko rabi ba a sayar ba, ina kaɗan ɗin yake a nan

Hajiya ta Bagalam: Kai yaro 23 kaɗan ne mana, je Babbar Kasuwa ran Litinin ka ga masu turmi ɗari ɗari a jibge, 23 a wurinsu ai shara ce

Ɗan Zariya: Hajiya ba da shagon wasu za a auna ba, da abin da mai karanta status ta fahimta za a auna. Mace ta ga "saura kaɗan" a ranta 3 ne ko 4, shi ya sa ta ruga neman bashi

Hajiya ta Bagalam: Kai ka shiga ranta ka ƙirga? Tun yaushe ka fara saida atamfa, kai da ko allura ba ka taɓa sayarwa ba

Maman Abba: Salam, don Allah promo ɗin yana nan har yanzu? Akwai mai ruwan ganye? a ajiye min ɗaya

Alhaji mai sari: Ɗiyata Maman Iman, na karanta duka, kuma matar ba ta kyauta ba da ta yi miki tsawa gaban jama'a, wannan daban. Amma ku bar faɗa kan "kaɗan", kalma ce da ba a iya kama ta, kowa da nashi ma'auni, shi ya sa ni na daina rubuta ta. Abin da ya ja miki magana shi ne Juma'ar. Kin ce ran Juma'a za a rufe, Litinin ta zo ta iske farashi na nan jika 8, to abin da kika hwaɗa bai faru ba, kuma da idonta ta gani. Gaya min nawa kika saro turmi, kuma nawa ya rage daren Juma'a

Maman Iman: Baba jika 6 da rabi na saro har da kuɗin mota. Daren Juma'a 12 sunka rage, uwar kuɗina ba ta fito ba shi ya sa na ƙara kwana

Alhaji mai sari: Madalla, mu yi lissafi. Turmi 40 a jika 6 da rabi, kin zuba jika 260. Kin saida 28 a jika 8, kin kama jika 224, saura jika 36 uwar kuɗi ta dawo. Da kin maida farashi jika 9 da safiyar Asabar yadda kika yi alkawari, turmi 4 kacal za ki saida ki cike 36 ɗin, sauran 8 duk riba ce. A jika 8 kuma sai kin saida 5. Kin gani, bambancin turmi ɗaya ne, a kanshi kika saida maganarki. Kuma ana cikin kwanakin sallah, turmi 4 ba zai kwana miki sati ba. Asarar babba tana gaba, duk wadda ta ga kin ƙara kwana ta koyi cewa Juma'arki ba Juma'a ba ce, promo na gaba za ta zauna ta jira ƙarin kwana ko ƙarin ragi, sai ki rasa gaggawar da kike nema gaba ɗaya

Hajiya ta Bagalam: Alhaji ku masu sari kuna da jari, ita ƙaramar ƴar kasuwa in kaya sunka kwanta mata wa zai biya mai kaya? Sauƙin faɗa ne

Alhaji mai sari: Hajiya ai don ita nake magana. Tana da dalilin gaggawa na gaskiya a hannu ba ta yi aiki da shi ba, teloli suna rufe karɓar ɗinkin sallah, wanda bai kai yadi da wuri ba ba zai sa sabon kaya ba. Da ni ne ga abin da zan rubuta: "Atamfa turmi 40, jika 8 maimakon jika 9, har Juma'a ƙarfe 6 na yamma. Asabar farashi ya koma jika 9. A hanzarta kafin teloli su rufe karɓa." Sannan kowane dare ki ɗauki hoton kayan ki sa adadin gaskiya, yau saura 31, gobe saura 23, jibi saura 17. Mace in ta ga lamba tana sauka kuma zanen da take so ya ɓace daga hoto, ita da kanta za ta taso, ba ki ce mata komi na ƙarya ba. In kuma wani launi ne ya kusa ƙarewa ki ambace shi shi kaɗai, "mai ruwan ganye saura 2", kada ki shafa wa kaya duka

Tela na Sabon Gari: Wannan gaskiya ne Alhaji, ni dai in sallah ta rage kwana 10 ba na karɓar ko ɗankwali, ga matsalar wuta kuma

Maman Abba: Ku teloli ku yi shiru a maganar ƙarya, "gobe ki dawo" ɗinku ta fi ta kowa, bara ranar idi da tsohon kaya yarana sunka fita

Tela na Sabon Gari: Ni na ɗinka miki? Kar ki haɗa mu duka, ku ne kuke kawo yadi ana jajibiri ku ce dole sai an yi

Maman Abba: To mi ya sa kuke karɓa in kun san ba ku iyawa

Admin: A dawo kan magana don Allah

Ɗan Zariya: Ni a ganina ma duk wannan promo mai wa'adi bai halatta ba, matsa wa mutum ne ya saya ba da son ranshi ba

Malam: A'a ɗana, ka wuce wuri. Mai kaya yana da ikon ya rage farashi na kwana uku ya maida, babu laifi in abin da ya hwaɗa haka yake. Inda matsala take shi ne labarin da ba haka ba. A Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kuma ya ce rantsuwa tana saida kaya amma tana share albarka, wannan yana Buhari da Muslim. Abin da na fi ji wa ƴan kasuwarmu tsoro shi ne "wallahi yanzu wata ta kira tana so, in ba ki turo ba na ba ta" alhali babu wadda ta kira. Wannan ya yi kama da najashi da anka hana, wato a sa wanda ba saye zai yi ba ya yi tayi don a zuga mai saye na gaskiya

Hajiya ta Bagalam: Malam yanzu ka ce ƙanwata ta yi algus ke nan? Atamfarta lafiya lau take ba jiƙaƙƙa ba

Malam: Ban ce ba Hajiya, ban san niyyarta ba. Na dai ce mai saye ya gina shawararshi kan abin da anka gaya mishi

Yaya na Faransa: Nan inda muke abin har doka ne. Tun 2022 in shago ya soke tsohon farashi ya rubuta ragi, dole tsohon farashin ya zama mafi ƙanƙanta da ya saida kayan a kwana 30 da sunka wuce, don masu ɗaga kuɗi sati guda kafin promo su ce sun rage. Kuma ka ce kaya na ɗan lokaci ne kawai alhali ƙarya ne, don mutum ya yanke shawara da sauri, shi ma haramun ne a dokar Turai

Hajiya ta Bagalam: Nan Maradi ne ba Faransa ba, mun gaji da dokokinsu

Yaya na Faransa: Ni ban ce a kawo ta ba, Maman Iman dai na tambaya, jika 9 ɗin kin taɓa saidawa haka ko don promo anka rubuta?

Maman Iman: Wallahi Yaya tun zuwan kayan farko jika 9 nake saidawa, kowa ya sani. To Baba yanzu in kaya sunka yi saura bayan wa'adi ya zan yi, in zuba musu ido?

Alhaji mai sari: Ki maida jika 9 ko da na sati ɗaya ne, a ga kin cika magana. Wadda ta ce a ajiye mata kafin wa'adi ta ba da abansi ko jika 2 ne ta Nita ko Amana, ki riƙe mata a farashin promo har ranar da kunka yi, wannan ya fi ki dinga kiranta sau biyar kina cewa za a ɗauke. Abin da ya kwanta bayan sallah ki fito da shi da sunanshi na gaskiya, ragowar kayan sallah, zane kaza da kaza, ba zaɓi da yawa. In kin san tun farko ba ki iya tsayawa kan rana, kada ki sa rana, ki ce "jika 8 har turmi 40 ɗin su ƙare", shi ma wa'adi ne kuma ba ya karya ki

Ɗan Zariya: Amma Alhaji in ta saida ragowar jika 7 bayan sallah, wadda ta saya 8 ba za ta ce an cuce ta ba?

Alhaji mai sari: Ita ta zaɓi zane tun kaya na cike kuma ta sa a sallah, abin da ta biya ke nan. Ni ban ga cuta ba, amma na san wasu za su gani

Hajiya ta Bagalam: Kun ga ni, ashe ko yaya aka yi sai an yi magana, to a bar yarinya ta nemi abincinta

Maman Abba: Har yanzu ba a ba ni amsa ba kan mai ruwan ganyen

Admin: To jama'a dare ya yi zan taƙaita. Abin da na fahimta yawanci sun yarda Maman Iman ba maƙaryaciya ba ce, 23 ana iya ce mishi kaɗan kamar yadda Hajiya ta bayyana, kuma kiliyar ce ta yi rashin ladabi, ni ma shekara da shekaru ina sayen kaya wurinta ban taɓa ganin ha'inci ba. Alhaji ya ba da shawara a dinga sa lamba da hoto, mai so ya ɗauka. Maganar teloli a kai ta wani gurup. Maman Abba ki bi ta inbox.

Ɗan Zariya: Admin wa da wa sunka yarda 23 kaɗan ne? Hajiya kaɗai ta hwaɗa, kuma ka tsallake maganar Juma'ar gaba ɗaya